Ni na samu 13.0, littafi ya ce 16.8: a duba min wannan tambayar biyarin

Ummi_Z
Assalamu alaikum. Don Allah a duba min hoton nan da na ɗora. Tambaya ce a kan biyarin, wato kusurwar da ake aunawa daga arewa ta inda hannun agogo ke juyawa. Kashi biyu ce: (a) nisan da ke tsakanin P da R, (b) biyarin ɗin P daga R. Na bi ƙa'idar kosayin tiryan-tiryan na samu kilomita 13.0, amma amsar da ke bayan littafin 16.8 ce. Duk yadda na sake dannawa a kalkuleta 13.0 ɗin dai ke fitowa. Ni ce na kauce ko littafin ne?

Dan_Hanzari
Wa alaikumus salam. Abin da na iya karantawa a hoton shi ne: jirgin ruwa ya tashi daga P ya yi kilomita 12 a kan biyarin 065° zuwa Q, daga nan ya juya ya yi kilomita 9 a kan 190° zuwa R. In dai haka ne, ni 10.1 na samu. Kin ga daga ke har littafin ba wanda muka dace da shi.

Ummi_Z
Yaya, 140° ne ba 190° ba. Hasken fitila ne ya faɗa a kan 4 ɗin. Sauran duk yadda ka karanta suke.

Dan_Hanzari
To ai shi ke nan, a ajiye 10.1 ɗina a gefe. Amma don Allah masu ɗora hoto a riƙa rubuta alƙaluman a ƙasa. Lamba ɗaya ta dushe, mutum ya zauna yana warware wata tambaya daban.

Sarkin_Dabara
Ƙanwata, ke ce da gaskiya. A tambayar biyarin debe ƙarami ake yi daga babba: 140 − 65 = 75°. Sai ki sa a ƙa'ida, 144 + 81 − 216 cos 75°, ya ba ki 169.1, rut ɗinsa kuwa 13.0. Dubi ma yadda ta fito tas. Masu tsara tambaya sun fi son amsa mai kyan gani irin wannan. Bayan littafi ba yau ya fara zuwa da kuskuren ɗab'i ba.

Ummi_Z
Haka ɗin na yi ni ma, 75° na sa.

Malam_Alwatika
Sarkin_Dabara, debewar da ka yi tana da wurinta, amma ba nan ba. Ana debe biyarin daga biyarin ne idan duka biyun daga wuri ɗaya aka auna su. A wannan tambayar kuwa, 065° a P aka tsaya aka auna shi, 140° kuma a Q. Kowanne da layin arewarsa.

Ummi, ɗauki fensir. A kan Q ki ja layi tsaye mai nuna arewa, ki zarce da shi ƙasa ya nuna kudu. Yanzu ki ɗauka kina tsaye a Q. Kusurwar da ƙa'idar kosayin ke nema ita ce wadda ke cikin alwatikar, tsakanin hanyar da ta koma P da hanyar da ta nufi R. Hanyar R mun sani, 140°. Hanyar komawa P fa? Jirgin ya zo a kan 065°, don haka wanda ya waiwaya baya yana kallon 065 + 180 = 245°. Yanzu biyun duk daga Q suke, sai a debe: 245 − 140 = 105°.

In kin fi son ki gani da ido, yi amfani da layin kudun da kika ja. Daga QR zuwa kudu akwai 180 − 140 = 40°. Daga kudu zuwa QP akwai 65°, saboda layin arewa na P da na Q a jere suke tafiya ba sa haɗuwa, PQ kuma ya ratsa su. 40 da 65 sun ba ki 105° ɗin dai.

```
PR² = 12² + 9² − 2(12)(9) cos 105°
    = 225 − 216(−0.2588)
    = 280.9
PR  = 16.76
```

Littafin bai yi kuskure ba, kilomita 16.8 ne.

Sarkin_Dabara
Malam, to 75° ɗin nan fa, ba ta da ma'ana kenan gaba ɗaya? Ni dai na sha debewa haka ina cin maki.

Malam_Alwatika
Tana da ma'ana. Ita ce gwargwadon juyawar da matuƙin ya yi a Q: yana fuskantar 065°, ya karkata dama da digiri 75 ya koma 140°. Kusurwar waje ce, ta ciki kuma ita ce cikon ta zuwa 180°. Makin da ka sha ci kuwa ina kyautata zaton a ɗaya nau'in tambayar ne. Da an ce jirage biyu suka tashi daga P, ɗaya ya yi kilomita 12 a kan 065°, ɗaya ya yi 9 a kan 140°, aka tambayi tazarar da ke tsakaninsu, to 75° ce kusurwar, 13.0 kuma ita ce amsa daidai. Alƙaluma iri ɗaya, labari daban.

Maman_Hanif
Akwai abin da nake nuna wa yarana tun kafin su taɓa kalkuleta, da ya kama wannan nan take. Da jirgin bai juya ba ko kaɗan, nisan 12 + 9 = 21 ne. Da ya juya kwana ta digiri 90 cif, Faitagoras ne, rut na 225, wato 15. Shi kuwa digiri 75 kawai ya juya, bai kai 90 ba, don haka dole amsar ta faɗa tsakanin 15 da 21. Ummi, da kin ga 13 sai ki san jirgin naki ya fara lanƙwasowa gida, alhali tambayar ba ta ce haka ba.

Ummi_Z
Mama, wannan ya shige ni sosai. Wato alamar debewa ta haɗu da ta cos 105° ta koma tarawa, shi ya sa aka haura 225.

Maman_Hanif
Yauwa 'yata. Kusurwa in ta wuce 90°, kosayin ɗinta ƙasa da sifili yake.

Bash_99
Ni fa ban gane duk wannan wahalar ba. Na faɗaɗa hoton a waya na ɗora furotakta a kan gilashin, kwanar Q kusan 90° take. Me ya hana a ce 15 a huta?

Tsohon_Safiyo
Bash, yarona, abu biyu ne suka hana. Na farko, zanen da ke cikin irin waɗannan tambayoyi ba lalle ne a yi shi bisa sikeli ba, don nuna fasali kawai ake yinsa. Na biyu, hoton a karkace aka ɗauke shi. Dubi layukan arewa biyun da ke kan P da Q. A takarda a jere suke, amma a hoton sai ka ga kawunansu suna matsowa kusa da juna ta sama. Da zarar ka ga haka, duk kusurwar da ka auna a kan gilashi ba abin dogaro ba ce. Wayar ba ta fuskanci takardar sak ba, ga kuma shafin ya ɗan lanƙwashe wajen ɗinkin littafin. In kana son aunawa, ka zana naka a farar takarda, santimita 1 a madadin kilomita 1, da rula da furotakta. Za ka ga PR ta faɗi wajen santimita 16.7 zuwa 16.8.

Bash_99
Na ji, Baba. Amma fa 15 ɗina ta fi 13 kusa da gaskiya.

Zee_Kimiyya
Na bi matakan Malam daidai, 105° na sa, amma 16.6 nake samu ba 16.8 ba. Na ɗauka bambancin taƙaita lamba ne.

Dan_Hanzari
Zee, danna cos 60 ki faɗa mana abin da ya fito.

Zee_Kimiyya
−0.952.

Dan_Hanzari
Kalkuletarki a radiyan take. Duba saman gilashin, za ki ga R ko RAD a maimakon D ko DEG. In tana kan digiri, cos 60 dole ya ba da 0.5.

Malam_Alwatika
Wannan na Zee ya fi na kowa haɗari a yau, don ya zo da kama. A radiyan cos 105 yana ba da −0.241, a digiri kuma −0.259. Dacewa ce kawai suka yi kusa da juna a wannan lambar. Ko gwajin Maman_Hanif ba zai kama shi ba, tunda 16.6 tana tsakanin 15 da 21. Taƙaita lamba ba ya jawo tazarar 0.2 a lissafi irin wannan, sai in tun farko an datse kosayin ɗin sosai.

Auwal_Injiniya
Tunda ana maganar kalkuleta, ƙanena ya taɓa kawo min irin wannan yana cewa tasa ta lalace, Math ERROR take nunawa. Ashe 225 − 216 yake fara yi ya samu 9, sannan ya ninka da kosayin. Da 105° wannan zai ba da −2.33, ba kuwa a ɗaukar rut na lambar da ke ƙasa da sifili. Gara ma shi, na'ura ta yi masa tsawa. Wanda ya haɗa wannan da 75° zai samu 1.53 shiru babu gargaɗi, alhali gefe na uku ba zai taɓa gaza 12 − 9 = 3 ba. Ninkawa ake fara yi: 216 da kosayin abu ɗaya ne, ba a raba su.

Ummi_Z
Na gode muku. To kashi (b) fa? Na samu 096°, littafi ya ce 276°.

Sarkin_Dabara
Ni ma 096° na samu wannan karon. Ƙa'idar sayin: sin P = 9 sin 105° ÷ 16.76 = 0.5187, kusurwar P ta zama 31.2°. A tara da 065° a samu 096.2°.

Malam_Alwatika
Lissafinka daidai ne har ƙarshe, sai dai biyarin ɗin R daga P ka nemo, wato wanda ya tsaya a tashar farko yana hango jirgin. Tambayar ta ce na P daga R. Harafin da ya biyo bayan "daga", a nan za ka tsaya ka kafa layin arewarka. Jirgin yana R yana neman hanyar gida: 096.2 + 180 = 276.2°.

Ana iya tabbatarwa ta wata hanya ba tare da an bi ta P ba. Kusurwar R a cikin alwatikar ita ce 180 − 105 − 31.2 = 43.8°. Wanda ke R in ya waiwayi Q yana kallon 140 + 180 = 320°. P tana hagu da wannan layin, don haka 320 − 43.8 = 276.2°. Hankali ma ya yarda: jirgin gabas ya yi ta nausawa, to gida yana yamma, yamma kuwa 270° ce, an ɗan ɗaga arewa kaɗan.

Zee_Kimiyya
Malam, abin da kullum ke ruɗa ni shi ne yaushe ake tarawa, yaushe ake debewa. A P an tara 31.2, a R an debe 43.8. Babu wata doka da mutum zai haddace?

Malam_Alwatika
Ban san wata doka da ta fi zane aminci ba. Biyarin yana ƙaruwa ne ta inda hannun agogo ke juyawa. Ki tsaya a wurin, ki fuskanci layin da kika san biyarin ɗinsa, ki duba: wanda kike nema yana damanki ko yana hagunki? Dama tarawa, hagu debewa. A P kina fuskantar Q, jirgin ya karkata dama, R tana damanki. A R kina fuskantar Q, P tana hagunki.

Tsohon_Safiyo
Malam, ranka ya daɗe, a nan ne zan ɗan saba maka. Mu da muka yi aikin awo ba ma zama muna tambayar dama ko hagu. Kowace tafiya sai mu fasa ta gida biyu, nawa ta yi gabas, nawa ta yi arewa. Nisa sau sayin na biyarin shi ne gabas, nisa sau kosayin shi ne arewa.

```
PQ: 12 sin 65°  = 10.876    12 cos 65°  =  5.071
QR:  9 sin 140° =  5.785     9 cos 140° = −6.894
          gabas = 16.661          arewa = −1.823
```

R tana kilomita 16.661 gabas da P, da 1.823 kudu da ita. Faitagoras ya ba ka 16.76. Ta sauka ƙasa da layin gabas da digiri 6.2, wato 096.2°. Ka ga ban nemi kusurwar ciki ba sam, don haka ramin da Ummi ta faɗa babu shi a hanyata. Kuma in tafiyar ta kai zango biyar, ƙara layuka kawai zan yi. Mai kosayin sai ya yi ta gina alwatika a kan alwatika.

Malam_Alwatika
Baba, ban musa ba, a zango da yawa hanyarka ce hanya. Amma ita ma tana da nata ramin a ƙarshe. Ɗalibi zai danna tan⁻¹ ya ga 6.2° ko 83.8°, ko ma da alamar debewa a gaba, sai ya rasa ta ina zai ɓullo wa 096°. Dole dai ya koma ya duba cewa gabas da kudu yake. Zanen da aka guda a farko shi ake tararwa a ƙarshe. Sannan in darasin na ƙa'idar kosayin ne, ita ake son ya nuna ya iya.

Tsohon_Safiyo
To ya yi da kosayin, ya duba da tawa. Minti biyu ne.

Auwal_Injiniya
Ni ina bayan Baba. Duk manhajar da ke lissafa hanya da gabas da arewa take aiki, ba ta zana alwatika.

Maman_Hanif
Manhaja ba ta zama jarrabawa, Auwal.

Ummi_Z
Wani abu kuma ya sake ɗaure min kai. Na ce bari in gwada amsar, sai na yi amfani da ƙa'idar sayin in dawo da kusurwar Q daga 16.76 da 9 da 31.2°. Kalkuleta ta ba ni kusan 75°! Ga shi an ce 105° ce.

Sarkin_Dabara
Kun gani ko? 75 ɗina ta dawo da ƙafarta.

Malam_Alwatika
Ta dawo, amma ba don tana da gaskiya ba. sin 75° da sin 105° lamba ɗaya ce, 0.9659. Duk kusurwa biyu da suka haɗu suka cika 180° sayin ɗinsu ɗaya. Maɓallin sin⁻¹ kuwa ba ya taɓa ba da abin da ya haura 90°, don haka ƙaramar yake miƙo miki. Shi ya sa ba a neman babbar kusurwar alwatika da ƙa'idar sayin sai da lura. Ƙa'idar kosayin ba ta da wannan matsalar, tunda alamar lambar tana bambance su: cos Q = (144 + 81 − 280.9) ÷ 216 = −0.2588, wanda 105° ne kai tsaye.

A neman P da Sarkin_Dabara ya yi babu fargaba. Q ta riga ta wuce 90°, alwatika kuma ba ta ɗaukar irinta biyu, don haka P dole ƙarama ce.

Kyaftin_Ruwa
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ku dai ku sani a kan ruwa na gaske wanda ya saita kamfas a 276° ya rufe ido ba lalle ya isa P ba. Kamfas arewar maganaɗisu yake nunawa, taswira kuma arewa ta gaskiya, tazarar da ke tsakaninsu tana sauyawa daga wuri zuwa wuri, har daga shekara zuwa shekara. Ga igiyar ruwa da iska suna tura ka gefe. Kuma mu da mil na ruwa muke awo, mita 1852 kowanne. Har ma wannan "a tara 180" ɗin, a doguwar tafiya ba ya cika daidai, domin layukan arewa ba a jere suke da gaske ba, duk a ƙuryar arewacin duniya suke haɗuwa.

Zee_Kimiyya
Kyaftin, kenan 276.2° ɗin ma ba daidai ba ne?

Tsohon_Safiyo
Kada ki tayar da hankalinki. A tafiyar kilomita 17 gabas, a latitud 45°, karkatar layukan arewan wajen digiri 0.15 ce kawai, a kan ikwaita kuma babu ita. Tambayar ta ɗauki ƙasa a shimfiɗe, kuma a wannan ɗan nisan ba ta yi laifi ba. Maganar Kyaftin sai an shiga ɗaruruwan kilomita take fara ciwo.

Kyaftin_Ruwa
Haka ne, Baba. Amma wannan 0.15 ɗin ya kusa kai .2 da ake ta rubutawa a bayan 276. Shi ya sa ni 276° zan rubuta in tsaya. Ba matuƙin da ke riƙe jirgi a kan kashi goma na digiri.

Dan_Hanzari
Mu an koya mana biyarin lamba uku ne, ba ɗigo. 276°.

Malam_Alwatika
Lamba ukun na gaban ɗigo ne, shi ya sa ake rubuta 096° ba 96° ba. Ba ta hana 096.2° ba. Abin da tambaya ta nema shi ake bi. Ummi, ƙasan hoton ya yanke, akwai inda aka faɗi yadda za a taƙaita amsa?

Ummi_Z
A (a) an ce lamba ɗaya bayan ɗigo. A (b) ba a ce komai ba.

Auwal_Injiniya
To ki rubuta 276.2°, ki ƙara da cewa kusan 276° ne. Kowa ya ɗauki wanda yake so.

Maman_Hanif
Wasu masu duba takarda ba sa son amsa biyu, Auwal. Tunda biyarin ɗin da aka bayar duk cikakkun digiri ne, ni cikakken digiri zan bayar.

Bash_99
Tambaya ɗaya kafin a watse. Da a Q hagu jirgin ya juya, a ce ya koma kan 350° ya yi kilomita 9 ɗin, ya abin zai kasance? 350 − 65 ya ba ni 285, in na debe daga 180 sai in faɗa ƙasa da sifili.

Ummi_Z
Bari in gwada, Malam ya gyara min. Ina tsaye a Q, komawa P 245° ne kamar ɗazu, R kuma yanzu tana 350°. Tsakaninsu 350 − 245 = 105°. Kusurwar ba ta sauya ba, don haka nisan 16.8 ne har yanzu. Amma R ta koma hagun PQ, sai a debe: 065 − 31.2 = 033.8°. Na P daga R kuma 213.8°.

Malam_Alwatika
Babu gyara. Bash, 285 ɗinka juyawar dama ce ta doguwar hanya, cikonta zuwa 360° shi ne 75° ta hagu, wadda jirgin ya yi da gaske.

Sarkin_Dabara
75 dai kuma. Baba Safiyo, a gwada mana wannan da hanyar gabas da arewa mu gani ko 033.8° za ta fito.